Tuni Uku Kafin Kotu: Yadda Ake Bin Bashin Kwastoma a Rubuce

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Amma a wajen mai ƙaramar sana'a, bashin da ya fi ciwo shi ne wanda ya biyo bayan aikin da aka riga aka gama. An kai kaya, an sauke, an ƙirga, an sa hannu, an miƙa inbois. Ranar biya ta zo ta wuce, waya kuma shiru, babu alat. Mai kaya ya rasa tudun dafawa: in ya yi kawaici jarinsa na hannun wani, in ya ɗaga murya ya kori kwastoman da ya daɗe yana nema.

Ofisoshin kasuwanci sun daɗe da samo wa wannan matsala tsari mai sauƙi, wato tuni uku a rubuce, kowanne ya fi na baya nauyi. Mutane da yawa sun ɗauka nauyin yana cikin zafin harshe ne, kamar a ce takarda ta farko da murmushi, ta biyu da ɗaure fuska, ta uku da baƙar magana. Ba haka abin yake ba. Ladabin da aka fara da shi, da shi ake ƙarewa. Abin da ke ƙaruwa daga takarda zuwa takarda abu uku ne: rana takamaimai, da girman wanda ake rubuta wa, da bayanin abin da zai biyo baya idan ba a biya ba.

Misali daga maɗaba'a

A ɗauki misalin mai ƙaramar maɗaba'a a Kano da wata makaranta mai zaman kanta ta ba shi aikin buga littattafan rubutu 5,000 masu ɗauke da bajen makarantar, kowane ɗaya naira 240. Kuɗin aiki ya tashi naira 1,200,000. An ba shi kafin alƙalami na naira 400,000, aka yi yarjejeniya cewa ragowar naira 800,000 za a biya cikin kwana 30 bayan kai kaya. Ya kai littattafan ranar 3 ga Maris, mai kula da sito ya ƙirga ya sa hannu a takardar karɓar kaya, aka miƙa inbois mai lamba 0147. Ranar biya ke nan 2 ga Afrilu.

Wanda ke gefe zai ga kamar riba ce kawai ta maƙale. A ce ribar aikin gaba ɗaya naira 180,000 ce. Ke nan a cikin 800,000 ɗin nan, naira 620,000 ba riba ba ce, kuɗin takarda ne da tawada da man janareta da ladan yaran da suka yi yanka da ɗinki. Mai sayar da takarda kuwa, wanda ya ba shi rim-rim bisa amana, shi ma yana jiran nasa.

Jinkirin kansa ma cin kuɗi yake yi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan yanayi, naira 800,000 da aka riƙe wata shida, ranar da ta fito ba za ta sayi takardar da za ta saya tun farko ba. Ta zubar da darajar da ta kai wajen naira 110,000, fiye da rabin ribar aikin. Shi ya sa mai maɗaba'ar da ya ce bari ya ƙara haƙuri zuwa bayan salla, bai san cewa ragi yake yi wa kwastoma kullum ba.

Kafin a ɗauki alƙalami

Akwai bincike na minti goma da ke hana mutum jin kunya. Na farko, ya duba bayanan asusunsa na banki da kansa, kada ya dogara da alat, domin kuɗi na iya shiga saƙo bai zo ba. Babu abin da ke karya gwiwar mai bin bashi kamar ya tura tuni a mayar masa da hoton rasidin taransifa na makon jiya.

Na biyu, ya duba inbois ɗin: sunan makarantar daidai yake, lambar asusun da ya rubuta daidai take, ranar biya a rubuce take ƙarara? Inbois da babu ranar biya a jikinsa ba ya makara, domin kowa da ranar da ya ƙiyasta a ransa.

Na uku, ya gano hannun da kuɗi ke fitowa. A makaranta, wanda ya ba da aiki sau da yawa shugaban makaranta ne, wanda ya karɓi kaya mai sito ne, wanda ke tura kuɗi akanta ne, wanda ke ba da izini kuma mai makarantar ne. Inbois na iya kwana wata guda a aljihun teburin mai sito, akanta bai taɓa ganinsa ba. Tunin da aka aika wa wanda ba shi da ikon biya, sai dai ya samu amsa mai daɗi, ba dai kuɗi ba.

Tuni na farko: ƙila mantuwa ce

Kwana uku zuwa bakwai bayan ranar biya ya isa. A misalinmu, mai maɗaba'a ya rubuta wa akanta ranar 7 ga Afrilu:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya ɗalibai? Ina tuni ne game da inbois mai lamba 0147 na littattafan rubutu 5,000 da muka kawo ranar 3 ga Maris. Ragowar kuɗin naira 800,000 ne, kuma ranar biyansa 2 ga Afrilu ce. Na haɗo da kwafin inbois ɗin da takardar karɓar kaya, ko da na farkon sun shige cikin takardu. Lambar asusunmu tana jiki. Idan an riga an tura, don Allah a taimaka min da rasidi in duba daga ɓangarenmu. Na gode, Allah ya bar zumunci."

Saƙon gajere ne, amma babu abin da ya bari. Yana da lambar inbois, da adadin kuɗi, da ranar biya, da takardun shaida. Wanda ya karanta zai iya biya nan take ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Ya kuma bar wa kwastoma ƙofar fita da mutuncinsa. Cewa ƙila takarda ta shige cikin takardu, ko ƙila an riga an tura, ba munafunci ba ne. A wannan mataki mai kaya bai san dalilin jinkirin ba tukuna, kuma yawancin jinkiri na farko daga irin waɗannan ƙananan abubuwa yake tasowa: wanda zai sa hannu ya yi tafiya, ko akanta na jiran ƙarshen wata. Wanda aka zarga da taurin bashi alhali mantuwa ya yi, zai biya, amma aikin zango mai zuwa wata maɗaba'ar zai kai.

Akwai kuma abubuwan da saƙon bai ɗauko ba. Bai ba da haƙuri ba. Da yawa sukan buɗe da "don Allah a yi haƙuri da damun da nake yi", har mai karatu ya ji kamar alfarma ake nema. Bai kuma kawo labarin matsalolin gida ba, cewa yaro ba lafiya ko kuɗin haya ya taso. Mai kaya haƙƙinsa yake nema. Da zarar ya jingina biya da buƙatarsa, ya ba kwastoma damar auna ko buƙatar ta kai a biya yau, ko a tura masa dubu hamsin ya rage zafi.

Ana iya aika wannan saƙo ta WhatsApp ko imel. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da shaidar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa, don haka saƙon waya ba maganar iska ba ce, muddin ba a goge shi ba. Kiran waya yana da kyau don gaisuwa da jin yanayi, amma bayan an ajiye waya sai a bi shi da layi biyu a rubuce: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, kun ce za a tura ranar kaza."

Amsa ita ke nuna irin ciwon

Tsakanin tuni na farko da na biyu ne mai kaya ke gane da wa yake hulɗa, kuma amsoshin kusan kashi huɗu suke.

Akwai wanda zai ce inbois bai iso gare shi ba, ko akwai kuskure a ciki. Wannan matsalar takarda ce, a gyara a sake turawa a ranar. Wani lokaci ma kamfani ko hukuma kan biya kuɗin da bai cika ba saboda ta cire harajin da doka ta ɗora mata cirewa daga kuɗin 'yan kwangila. Wannan ba cin bashi ba ne. Abin da ake nema a nan shi ne takardar shaidar cewa an kai harajin inda ya dace, domin mai kaya zai yi amfani da ita wajen lissafin nasa harajin.

Akwai wanda zai ce kayan na da aibi, misali littattafai 300 bajen ya fito a karkace. Wannan ƙorafi ne, kuma a raba shi da sauran kuɗin. Littattafai 300 a kan naira 240 sun kama naira 72,000. Sai mai maɗaba'a ya ce a ajiye wannan a gefe har a duba, a biya ragowar naira 728,000 da babu gardama a kansu. Wanda ƙorafinsa na gaskiya ne zai yarda. Wanda ya fake da shi ne, zai nemo wani.

Akwai wanda zai fito fili ya ce babu kuɗi yanzu, sai an dawo hutu iyaye sun biya kuɗin makaranta. Wannan ya faɗi gaskiya, har ya ba da rana, ko da bai ambace ta ba.

Sai na huɗu, mai "in sha Allahu cikin satin nan" da ba ta ƙarewa, ko wanda saƙo ke nuna ya karanta amma ko uffan. Shi ne aka yi tuni na biyu dominsa.

Tuni na biyu: a ba ni rana

Mako biyu bayan na farko, ranar 21 ga Afrilu, takarda ta biyu ta fita. A wannan karo a kan takardar maɗaba'a mai kan sarki aka rubuta ta, aka aika wa shugaban makaranta, aka ba akanta kwafi:

"Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sake tuni game da inbois mai lamba 0147, na naira 800,000, wanda ranar biyansa ta wuce tun 2 ga Afrilu. Yau kwana 19 ke nan. Na rubuto ranar 7 ga Afrilu, na kuma kira ranar 14 ga wata aka ce min za a tura cikin makon, amma har yanzu kuɗin bai shigo ba. Ina roƙon a biya zuwa ranar 28 ga Afrilu. Idan akwai wata matsala game da kayan ko inbois ɗin, a sanar da ni a rubuce kafin ranar domin mu gyara. Idan kuma biya gaba ɗaya zai yi wuya, a shirye nake mu zauna mu tsara biya kashi biyu, da ranakunsu a rubuce. Na gode da fahimta."

Babu kalma ɗaya mai zafi a ciki, amma duk wanda ya karanta ya san iska ta sauya. Zancen mantuwa ya fita. Tarihi ya shigo: ranar da aka rubuta, ranar da aka kira, abin da aka ce. An jera su ne ba tare da sharhi ba, babu "kun saɓa alkawari", domin ranakun da kansu sun faɗi hakan. An kuma daina cewa "da wuri" ko "in an samu hali", aka kafa rana guda.

Jimlar da ta nemi a kawo ƙorafi a rubuce kafin rana kaza tana da aiki na musamman. Idan kwastoma ya yi shiru, sannan bayan wata uku ya tashi a gaban alƙali ya ce littattafan ba su da kyau, za a tambaye shi abin da ya hana shi faɗa lokacin da aka ba shi dama.

Tayin biya kashi-kashi kuwa ba rauni ba ne. Musulmi ɗan kasuwa ya san aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ya kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito da ke kiran jinkirin mai hali zalunci. Matsalar ita ce daga nesa mai ƙunci da mai taurin bashi kamarsu ɗaya. Wannan tayi shi ke rarrabe su. Mai ƙunci na gaske zai yi maza ya kama, ya ce zai ba da 400,000 ranar kaza, ragowar ranar kaza. Mai taurin bashi ba ya son rana, don rana ce ke kama shi.

Idan aka amince da biya kashi-kashi, a rubuta shi, kwastoma ya sa hannu. Aya ta 282 a wannan sura, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da ajalinsa take. Dokar ƙasa ma tana ba wannan takarda nauyi. Bashin ciniki yana da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare shi ba: shekara shida a Legas da Abuja, shekara biyar a wasu jihohi. Amma idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani ɓangare, lissafin wa'adin yakan koma farko.

A wannan mataki kuma mai hankali ke dakatar da sabon bashi. Ba abin mamaki ba ne makarantar da ba ta biya kuɗin littattafai ba ta aiko da aikin katin sakamako. Amsar ba ta buƙatar faɗa: "Da farin ciki za mu yi, da zarar an rufe inbois 0147."

Tuni na uku: takardar ƙarshe

Ranar 28 ga Afrilu ta wuce shiru. Ranar 5 ga Mayu mai maɗaba'a ya rubuta wa mai makarantar kansa. Wannan takarda ba a tura ta ta waya kawai. Ana buga kwafi biyu, a kai hannu da hannu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da zai dawo, ko a aika ta kamfanin kai saƙo a ajiye rasidi.

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Wannan ita ce takardar tuni ta ƙarshe game da bashin naira 800,000, ragowar kuɗin littattafan rubutu 5,000 da makarantarku ta karɓa ranar 3 ga Maris, bisa inbois mai lamba 0147. Ranar biya ita ce 2 ga Afrilu. Na yi tuni a rubuce ranar 7 da ranar 21 ga Afrilu, na kuma yi tayin biya kashi biyu, amma ban samu biya ko amsa ba, kuma ba a kawo min wani ƙorafi game da kayan ba. Ina neman a biya naira 800,000 cikin kwana 14 daga yau, wato zuwa ranar 19 ga Mayu, a asusun da ke ƙasa. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka domin neman kuɗin da kuma abin da na kashe wajen shari'a, ba tare da wani tuni ba. Na fi son mu kammala wannan magana a tsakaninmu, kuma ƙofa a buɗe take har zuwa ranar. Kwafin duk takardun yana haɗe."

Gaisuwa ta taƙaita, tambayar iyali da ɗalibai ta fita, amma "ranka ya daɗe" na nan. Takardar tana da masu karatu biyu: mai makaranta yau, alƙali gobe. Saboda haka aka rubuta ta yadda wanda bai san komai game da cinikin ba zai fahimce shi daga farko zuwa ƙarshe cikin minti ɗaya.

Kotun da aka ambata ba barazanar baki ba ce. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta bi sahu a Janairun 2019, dukansu da iyakar naira miliyan biyar a lokacin buɗewa, wasu jihohi kuma suka biyo baya. An tsara su ne domin mutum ya iya tsayawa da kansa ba lallai sai da lauya ba, kuma ƙa'idar ita ce a gama shari'a cikin kwana 60 daga ranar shigar da ƙara. Wani sharaɗinsu shi ne sai mai ƙara ya nuna ya fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya. A Legas har fom aka tanada don haka, mai suna Form SCA 1. Saboda haka kafin a rubuta tuni na uku, yana da kyau a leƙa rajistarar kotun jihar da ake, a tambayi iyakar kuɗin da take saurara yanzu da fom ɗin da take so a cike, a haɗa shi da takardar.

Ba dole ne matakin gaba ya zama kotu ba. A tsakanin 'yan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, kai magana gaban shugabannin kasuwa na iya fin sammaci saurin aiki, wasu kuma kan nufi Hisba ko kotun shari'ar Musulunci. Ko wanne aka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: abin da aka rubuta za a yi, a tabbata za a iya yinsa, kuma a yi shi ranar da aka ce. Mai kayan da ya aika "takardar ƙarshe" sau uku ya koya wa kwastomansa cewa ƙarshensa ba shi da ƙarshe.

Abin da ba ya shiga takarda

Fushi kan sa mutum ya rubuta abin da zai juya ya cije shi. Na farko shi ne barazana da 'yan sanda. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba kawai. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa kan bashi na iya tsintar kansa a gaban kotu ana neman diyya a hannunsa, wani lokaci fiye da bashin da yake bi. Inda lamarin ya bambanta shi ne caki. Dokar 1977 kan cakin da banki ya mayar ta mai da shi laifi mutum ya karɓi kaya da cakin da babu kuɗi a bayansa, hukuncin kuma ɗaurin shekara biyu ne. Wanda aka ba caki ya kai shi banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa, in an mayar ya adana shi da tambarin bankin.

Na biyu shi ne tonon silili. Saka sunan kwastoma a dandalin sada zumunta, ko tura wa iyayen ɗalibai saƙo cewa makarantarsu ba ta biyan bashi, na iya zama ɓata suna. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin ba da rance ta waya a Legas, kuma cikin abin da ake tuhumarsu da shi har da tura wa dangi da abokan masu cin bashi saƙonnin kunyatarwa.

Na uku shi ne ƙarin kuɗi da ba a yi yarjejeniya a kansa ba. A Birtaniya, wata doka ta 1998 ta ba ɗan kasuwa ikon ɗora ruwa na kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aunin babban bankin ƙasar idan wani kamfani ya makara wajen biya, shi ya sa takardun tunin can ke yawan ambaton ruwa. Wanda ya kwafo irin wannan takarda ya aika a Kano ya ɗauko abin da ba nasa ba. Idan ba a rubuta tarar jinkiri a yarjejeniya tun farko ba, ƙirƙiro ta a takarda ta uku sai dai ya ba kwastoma abin yin gardama. Ga Musulmi kuma, ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce da addini ya haramta. Takarda ta tsaya a kan naira 800,000 daga ta farko har ta ƙarshe. Adadin da ke sauyawa daga takarda zuwa takarda yana sa alƙali ma ya fara shakka.

Idan kuɗi ya fito

Sau da yawa takarda ta uku kan haifar da kiran waya daga mai makaranta, wanda ƙila a ranar ya fara jin labarin bashin. A ce ya tura naira 500,000 ranar 12 ga Mayu, ya ce ragowar sai ƙarshen wata. Mai maɗaba'a zai karɓa, amma zai rubuta a ranar: an karɓi naira 500,000 a matsayin wani ɓangare na inbois 0147, saura naira 300,000, za a biya ranar 31 ga Mayu kamar yadda aka amince, kuma an dakatar da maganar kotu zuwa ranar. Kalmar "wani ɓangare" tana da muhimmanci, don kada daga baya a ce an yi sulhu ne a kan 500,000 aka yafe saura.

Ranar da ragowar ta shigo, sai rasidi ya fita da layin godiya guda, ba tare da waiwayar abin da ya wuce ba. Idan makarantar ta dawo da aikin katin sakamako, maɗaba'a za ta karɓa, amma da sababbin sharuɗɗa a rubuce: kafin alƙalami kashi 70 cikin ɗari maimakon kashi ɗaya bisa uku, ragowar cikin kwana 14, sannan sunan akanta da lambar wayar ofishinsa a saman inbois tun ranar kai kaya.